Idan Kuɗina Ya Maƙale, Wa Zan Kama?

Allunan tallan manhajojin aika kuɗi sun cika manyan titunan Kano da Kaduna da Sakkwato. Yawanci hoton saurayi ne ko budurwa riƙe da waya ana washe haƙora, a ƙasa kuma an rubuta cewa abin yana da sauri, yana da sauƙi, kuma babu haɗari. Wanda ya riga ya saba da turansifa ba ya buƙatar wannan allo. Wanda bai saba ba kuwa, allon bai ce masa komai ba, domin tambayar da ke ransa ɗaya ce, kuma ba ita aka amsa ba: idan kuɗina ya maƙale, wa zan kama?

Rubuta talla ga irin wannan mutum sana'a ce mai zaman kanta. Akwai ma'aikatan da kamfanoni ke biya don su zaɓi kalmomin da za a faɗa a rediyo, da waɗanda za a buga a jikin lemar mai POS, da waɗanda za su fito a fuskar waya. Sanin yadda suke aiki zai amfani mai son shiga sana'ar, zai kuma amfani wanda ake yi wa tallar, domin da shi zai gane wanda ke gaya masa gaskiya da wanda ke yi masa romon baka.

Abu na farko da marubucin kirki ke yarda da shi shi ne tsoron mutanen nan yana da tushe. A Disambar 2016 shirin MMM ya rufe asusun jama'a a Nijeriya, kuɗin mutane da yawa ya tafi ke nan. A Afrilun 2025 CBEX ya maimaita irin wannan ɓarnar. Dukkansu ta waya suka zo, da alkawura masu daɗin ji. A tsakaninsu kuma aka yi canjin kuɗi: Babban Bankin Nijeriya, a zamanin Godwin Emefiele, ya sanar da sauya fasalin takardun Naira 200 da 500 da 1,000 a Oktoban 2022, kuma zuwa watan Fabrairun 2023 tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo. Mutane da dama a lokacin ne suka fara turansifa, ba don suna so ba. Cunkoso ya yi wa na'urorin bankuna yawa, sai a cire wa mutum kuɗi amma bai isa ga mai kaya ba, a tsaya a bakin shago ana jiran alat har rana ta faɗi. Wasu masu POS suka riƙa karɓar Naira dubu ɗaya ko fiye a kan dubu goma. 'Yan damfara kuma suka samu kasuwa da alat na bogi.

Mutumin da ya ga wannan da idonsa, idan ka ce masa "babu haɗari", ka gama zubar da mutuncinka a wurinsa tun a jimlar farko. Ya san akwai haɗari. Abin da bai sani ba shi ne ko kai za ka tsaya masa idan abin ya faru. A kara, mai sayen saniya ba ya tambayar dillali ko saniyar kyakkyawa ce, yana da ido. Abin da yake saya a wurin dillali shi ne lamuni: idan gobe aka ce ta sata ce, ga wanda zai nema, kuma ya san rumfarsa. Aikin da ake so talla ta yi ke nan.

Talla ɗaya, rubutu biyu

Mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. A ce wani kamfani yana son jawo 'yan kasuwar hatsi na ƙauye masu kai kaya Dawanau. Mutumin da ake nufi dattijo ne, shekarunsa sun haura hamsin, yana karanta ajami da ɗan boko, kuɗinsa a aljihun 'yar ciki yake, kuma ɗansa ne ke duba masa saƙon waya. An sayi minti ɗaya a gidan rediyo. Ga irin rubutun da aka fi kawowa da farko:

"Zamani ya canza! Daina wahalar yawo da kuɗi. Sauke manhajarmu yau, ka aika kuɗi ko'ina cikin ƙiftawar ido, kyauta, cikin cikakken tsaro. Yi rajista yanzu ka samu garaɓasar Naira dubu ɗaya. Kada a bar ka a baya!"

A kunne yana da daɗi, amma kusan kowace jimla tana korar wanda ake kira. "Zamani ya canza" da "kada a bar ka a baya" gori ne, an ce wa dattijo baƙauye ke nan a fakaice, kuma ba a sayar wa mutum abu bayan an ci masa fuska. "Cikin ƙiftawar ido" alkawari ne da ranar farko da sabis ya yi rauni zai zama ƙarya. "Yanzu" da "yau" kalmomin gaggawa ne, kuma gaggawa ita ce makamin ɗan damfara. Duk wanda aka taɓa kira aka ce masa ya yi maza ya karanto lamba kafin a rufe asusunsa ya san wannan muryar. Garaɓasar kuwa ta fi duka illa. Wanda MMM ta taɓa ƙona ɗan'uwansa, da ya ji an ce ga kuɗin banza, sai ya ƙara riƙe aljihu.

Ga rubutu na biyu, na dai wannan minti ɗayan:

"Alhaji, ba mu ce ka zuba mana jarinka ba. Ka gwada mu da Naira ɗari biyar. Je wurin wakilinmu da ke kasuwarku, ka ba shi ɗari biyar ya sa maka a waya. Ka tura wa ɗanka yana zaune kusa da kai, ka ga ta shiga da idonka. Sannan ya je ya ciro ta a hannun wakilin, ya damƙa maka. Wani lokaci sabis kan yi rauni, kuɗi ya tsaya a hanya. Idan haka ta faru, akwai lambar shaida a rasit ɗinka, ka kira mu da ita, da Hausa za a amsa maka, kuma za a gaya maka ranar da kuɗinka zai dawo. Lambar sirrinka kuwa, ko mu ba za mu taɓa tambayar ka ita ba."

Babu kalmar "aminci" ko "tsaro" ko ɗaya a ciki, amma duk maganar aminci ce. An rage abin da ake nema daga gare shi zuwa abin da ko ya ɓata ba zai hana shi barci ba. An sa ya ga kuɗin ya shiga waya, ya kuma ga ya fito ya koma takarda a tafin hannunsa. Wannan mataki na ƙarshe shi ne wanda masu talla suka fi mantawa, alhali shi ne zuciyar al'amarin. Wanda bai saba ba yana ganin kuɗin da ya shiga waya tamkar ya bar hannunsa ne har abada. Sai ya ga ƙofar fita a buɗe take kafin ya yarda ya shiga. An kuma saka ɗansa cikin labarin, domin a gidaje da yawa ɗan ne zai danna wayar, kuma idan talla ta yi kamar babu shi, ta yi magana da rabin mai yanke shawara.

Dubi kuma yadda aka tsaya a kan aiki ɗaya. Manhajar tana iya sayen kati, da biyan kuɗin wuta, da ajiya, da bashi, amma ba a ambaci ko ɗaya ba. Lokacin da kamfanin Safaricom ya fito da M-Pesa a Kenya a Maris ɗin 2007, saƙon da ya tallata shi ne mutum ya aika kuɗi gida. Ma'aikacin Nairobi da ke ba direban mota ko ɗan garinsu saƙon kuɗi ya kai wa mahaifiyarsa a ƙauye ya gane nan take abin da ake nufi. Sauran ayyukan daga baya mutane suka koye su, bayan sun yarda da na farkon.

Sharaɗi ɗaya ke kan wannan rubutu na biyu, kuma mai nauyi ne: duk abin da aka faɗa dole ya kasance akwai shi. Idan babu wakili a kasuwar, ko aka kira lambar aka ji Turanci da kiɗan jira, to gara ma ba a yi tallar ba. Marubucin da ya san aikinsa yakan fara da zuwa sashen karɓar koke ya tambayi kwana nawa mayar da kuɗi ke ɗauka a zahiri, sannan ya rubuta abin da aka gaya masa, ba abin da shugaban kamfani ke fata ba.

Maganar "kyauta" da maganar lamuni

Babu kalmar da ta fi jawo wa waɗannan kamfanoni zagi kamar "kyauta". A ƙa'idar cajin banki da Babban Banki ya fitar, wadda ta fara aiki a Janairun 2020, an sa wa turansifa zuwa wani banki cajin Naira 10 idan kuɗin bai wuce 5,000 ba, Naira 25 daga nan zuwa 50,000, sai Naira 50 a kan abin da ya haura haka. Wasu manhajoji suna yafe nasu cajin, kuma a kan wannan suke cewa kyauta. Amma akwai harajin gwamnati na Naira 50 a kan turansifar Naira 10,000 zuwa sama, wanda daga Disambar 2024 ya hau kan masu amfani da irin waɗannan manhajoji ma. Mai ƙaramar waya da ke danna lambobin USSD na banki an sa masa Naira 6.98 a kowane zama tun 2021. Mai POS kuma yana da nasa ladan idan an zo cire kuɗi.

To a ce dattijonmu ya yarda, bayan gwajin ɗari biyar ya tura wa abokin cinikinsa Naira 20,000, sai aka ga Naira 50 ta yi ƙafa. Hamsin ba kuɗi ba ce a wurin mai sayar da buhunan masara. Amma an ce masa kyauta, ga shi an cire. Hukuncin da zai yanke shi ne: waɗannan mutane suna taɓa kuɗi ba da sanin mai shi ba, yau hamsin, gobe Allah kaɗai ya sani. Zai kwashe abin da ya rage, kuma zai ba da labari a majalisa da bakin masallaci. Jimla biyu da sun hana wannan: "Mu ba ma cajin ka a kan turawa. Amma daga Naira dubu goma zuwa sama akwai harajin gwamnati na Naira hamsin, za ka gan shi a rubuce a rasit." Cajin da aka faɗa tun farko farashi ne, wanda aka gano daga baya kuwa sunansa sata, ko da doka ce ta sa shi.

Haka abin yake ga tambarin hukumomi. Kusan kowace talla tana ɗauke da ƙaramin rubutu cewa Babban Banki ya ba da lasisi, kuma hukumar inshorar ajiya ta NDIC ta tsaya wa kuɗin. Gaskiya ne ga masu lasisin, kuma hujja ce mai ƙarfi, sai dai yawanci ba a fassara wa mutane abin da take nufi. A 2024 hukumar ta ɗaga adadin da take lamuncewa: har Naira miliyan 5 ga mai ajiya a bankin kasuwanci, miliyan 2 ga na ƙaramin banki wato maikurofainans, da miliyan 5 ga mai asusu a kamfanin aika kuɗi ta waya idan bankin da kamfanin ke tara kuɗin jama'a a ciki ya durƙushe. A watan Yunin shekarar aka soke lasisin bankin Heritage, mutane suka ga hukumar ta fara biyan masu ajiya. Wannan abu ne da za a iya nuna wa mai shakka.

Amma lamunin yana da iyaka, kuma marubuci mai gaskiya zai faɗe ta. Inshorar ta rushewar banki ce. Ba ta biyan wanda aka yaudara ya karanto lambar sirrinsa, ba ta biyan wanda ya tura kuɗi asusun da ba shi ya nufa ba. Tallar da ta ce "kuɗinka yana da inshora" ta yi shiru, ta bar mutum ya ɗauka ko me ya faru za a biya shi. Ranar da ɗan damfara ya kwashe masa kuɗi aka ce babu abin da za a yi, ba ɗan damfarar kaɗai zai tsine wa ba.

Akwai kuma abin da masu rubutu daga Legas sukan tsallake. Manhajoji da yawa suna tallata ajiya mai ƙarin kaso kaza cikin ɗari a shekara, suna ganin shi ne babban abin jan hankali. A yankin da bankin Jaiz ya fara aiki tun 2012 saboda masu gudun kuɗin ruwa, wannan jimla tana iya korar mutum daga manhajar baki ɗaya. Idan asusun yau da kullum ba ya tara ruwa, a faɗa ƙarara. Idan akwai sashen da ke tarawa, a bayyana cewa sai wanda ya zaɓa da kansa. Abin da bai kamata ba shi ne a lulluɓe shi da sunan "kyauta" ko "lada", domin ranar da mutum ya tambayi malaminsa ya gane, ya tafi ke nan.

Rubutun da ke fitowa a ranar matsala

Tallar da ta fi kowace tasiri ba a rediyo take ba. 'Yan kalmomin nan ne da ke fitowa a fuskar waya lokacin da kuɗi ya fita bai isa ba. A manhajoji da yawa abin da mutum zai gani shi ne "Pending" ko "Transaction failed", shi ke nan. Ka sa kanka a matsayin dattijon: yana tsaye gaban mai kaya, an cire masa dubu ashirin, mai kaya ya ce bai ga komai ba, waya kuma ta ba shi kalmar Turanci guda. Abin da yakan biyo baya shi ne ya sake turawa, kuɗin ya tafi sau biyu, rigima ta koma tsakaninsa da abokin cinikinsa.

Saƙon kirki yana amsa abu uku a jere: ina kuɗin yake, me zan yi yanzu, yaushe zan ji labari. Misali: "Kuɗinka bai isa ba tukuna, kuma bai ɓata ba. Kada ka sake turawa. Idan bai shiga ba zuwa gobe war haka, zai dawo asusunka. Ga lambar shaidarka." Lambar nan ita ce ake rubutawa Session ID a rasit ɗin turansifa tsakanin bankuna, doguwa ce, kuma da ita bankin mai turawa da na mai karɓa ke bin sawun kuɗin. Mutane da yawa ba su san amfaninta ba don babu wanda ya taɓa gaya musu. Wa'adin da za a rubuta kuma ya zama wanda kamfanin ke iya cikawa. Gara a ce kwana uku a mayar a kwana ɗaya, da a ce awa ɗaya a kai mako.

Wurin rubutun ma ƙarami ne. Saƙon tes guda yana ɗaukar harafi 160, amma da zarar an sa haruffa masu lanƙwasa irin su ƙ da ɗ da ɓ, sai ya koma 70 kacal. Shi ya sa za ka ga saƙonnin kamfanoni da Hausa babu lanƙwasa, kuma shi ya sa marubucin ke auna kowace kalma kafin ya bar ta.

Wani wurin da ake asarar mutane shi ne wajen rajista. Tun daga ƙarshen 2023 Babban Banki ya wajabta haɗa ko da ƙaramin asusu da lambar BVN ko NIN. Shekara da shekaru ana gargaɗin jama'a kada su ba kowa BVN, sai ga manhaja ta buɗe da neman ta ba tare da bayani ba. Dole mutum ya ja da baya, kuma ya yi daidai. A nan ana buƙatar a gaya masa cewa doka ce ta sa, cewa lambar don tabbatar da shi wane ne ake nema, sannan a bambance masa abin da ba a bayarwa ko ga ma'aikacin kamfanin: lambar sirri ta PIN da lambar OTP da ake turowa ta tes. Wannan gargaɗi ya fi amfani idan an maimaita shi da kalmomi iri ɗaya a rediyo da jikin rumfar wakili da cikin waya, har ya zauna a ka. Ranar da wani ya kira ya ce daga kamfani yake, a karanto masa lamba, dattijon zai tuna an ce ko su ba sa tambaya. Mai karɓar kuɗi shi ma a koya masa abu ɗaya: kada ya saki kaya don an nuna masa rasit a wayar mai saye ko don tes ya shigo, ya buɗe asusunsa ya ga kuɗin ya ƙaru.

Ta yaya kamfani zai san rubutunsa ya yi aiki? Ba da yawan waɗanda suka sauke manhajar ba. Tallar garaɓasa takan tara dubban rajista cikin mako, a karɓi dubu ɗayar a cire, asusun ya zama kango. Alamar gaskiya ita ce mutum ya dawo ya yi turawa ta biyu da ta uku ba tare da an ba shi komai ba, adadin da yake turawa yana ƙaruwa, har ya fara barin kuɗi ya kwana a ciki. Wakilai ma ma'auni ne: idan bayan tallar har yanzu tambayar da ake yi musu ita ce "nawa za a cire mini?", to tallar ba ta faɗi farashi yadda za a gane ba. Kafin a kai rubutu gidan rediyo, a karanta wa mutum biyar ko shida irin waɗanda ake nufi, a ce su maimaita abin da suka ji da bakinsu. Abin da suka kasa maimaitawa, a sake shi.

Kai kuma mai karatu da ake yi wa wannan kira kullum, kana da damar juya ma'aunin. Duk tallar da ta zo maka, nemi abu huɗu a cikinta ko a bakin wakilinta: nawa za a cire, wa za ka kira kuma da wane harshe, kwana nawa kuɗi ke yi kafin ya dawo, da kuma irin lasisin da kamfanin ke riƙe da shi, wanda ana iya dubawa a jerin sunayen da Babban Banki ke wallafawa. Idan ka kai kuka kamfani ya yi biris, Babban Bankin yana da sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna da ake ɗaukaka ƙara zuwa gare shi, don haka ka adana rasit da lambar kokenka. Wanda ya amsa maka huɗun nan ba tare da kwana-kwana ba, gwada shi da ɗari biyar. Wanda ya ce ka yi sauri kafin garaɓasa ta ƙare, bar shi da garaɓasarsa.